Yadda za ka rubuta wa banki koke idan an cire maka kuɗi bayan ka janye izini

Da farko, nemo shaidar ranar da ka janye izinin: saƙon da ka tura ko takarda mai hatimin banki. Nan ƙarfinka yake, domin maganar baki ba ta tsayawa hujja.

Sai ka rubuta wa sashen karɓar koke na bankin, a taƙaice: "Na soke izinin cire kuɗin inshora daga asusuna ranar 3 ga Mayu, amma an cire ₦15,000 ranar 10. Ina neman a maido mini, a kuma dakatar da cirewar." Haɗa da lambar asusu da hoton alat ɗin. Lambar sirri kuwa, kada ka saka ta ko kusa.

Karɓi lambar koken ka adana. In an yi mako biyu shiru, kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, wato CBN.