Kurakuran da masu aski suka fi yi wajen gwada fed a hoton kwastoma kafin a taɓa kilifa

Wani saurayi ya taɓa shigowa shagona ana jibi ɗaurin aurensa, ya ce fed yake so, wato askin da ake rage gashin gefe da ƙeya sosai a ƙasa yana ƙaruwa zuwa sama, amma bai san wanne zai karɓe shi ba. Na ɗauke shi hoto ta gaba, na sa a wata manhaja mai canza aski da kanta, ta fito mana da wani hai-fed mai kyau, wato fed mai hawa har sama, muka yi ta yabawa. Sai da na share masa gefe da ƙeya har sama, sannan tabon ƙaho guda biyu suka bayyana a bayan kansa, ga kuma wata tattara a fatar ƙeyar da gashi ya daɗe yana rufewa. Da ya ga bayan a madubi bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, “Oga, ai ba haka na gani a waya ba.” Gaskiyarsa ce, kuma har yau abin yana damuna, domin laifin nawa ne. Kan da na nuna masa a waya ba nasa ba ne.

Tun daga ranar na gyara yadda nake wannan aiki, kuma na lura yawancinmu a wurare kaɗan muke tuntuɓe.

Kuskure na farko, wanda ya fi kowanne yawa, shi ne ɗaukar hoto ta gaba kawai. Fed a gefen kai da ƙeya yake zaune, ta gaba kuwa ɗan siririn gefe kawai ake hangowa kusa da kunne. Saboda haka hoto uku ake bukata: na gefe sosai, inda kunne ɗaya yake fuskantarka kuma hanci ya fito a gefe, sai na baya, sai na gaba a ƙarshe. Idan lokaci ya ƙure, na gefen shi ne wanda ba a bari. Kada ka karɓi hoton da kwastoma ya ɗauki kansa da kyamarar gaba. Wayar da ke kusa da fuska tana kumbura abin da ya fi kusa da ita, goshi ya yi girma, gefen kai ya tsuke, kuma wayoyi da dama suna juya hoton kamar madubi, hagu ta koma dama. Ka ja baya kamar taku biyu, wato mita 1.5 zuwa 2, ka danna 2x idan wayarka tana da shi, ka riƙe ta daidai tsayin kunnensa yana zaune a kujera. In ka ɗauka kana tsaye a kansa, layin da za ka zana zai yi kamar yana ƙasa alhali a kan gaske ya hau.

Haske ma yana yaudara. Ƙwan fitilar da ke saman kujera yana haska tsakar kai ya bar gefe cikin inuwa, sai gashin gefe ya yi baƙi ƙirin kamar mai kauri. Ni ina juya kujerar ta fuskanci ƙofar shago, hasken waje ya sauka a gefen da zan ɗauka. Ka kashe filasha, ka kuma kashe abin nan mai goge fuska ta yi sumul, domin shi ne yake ɓoye ƙuraje da tabo, abubuwan da ka fi bukatar gani.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman, wato hula. Mutum zai cire hularsa ya zauna, gashin ya kwanta, ga zoben da bakin hular ya bari a kewayen kai. In ka ɗauki hoto a haka, zoben zai rinjayi idonka ka ɗora layin fed a kansa ba tare da ka sani ba, tsawon gashin sama kuma ba zai fito daidai ba. Ka taje gashin ya miƙe, ka ɗan fesa ruwa idan ya kafe, sannan ka ɗauka. Ka kuma tambaye shi ko kullum yana sa hula. Mai sa hula kullum, abin da jama'a za su gani shi ne ɗan wurin da ke tsakanin bakin hula da kunne, don haka lo-fed, wato wanda yake tsayawa kaɗan a saman kunne, ya fi nuna aikinka a kansa. In ka yi masa hai-fed, fata zalla za a gani a ƙarƙashin hular, kamar an yi masa ƙwalƙwal.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya kama ni da angon nan, yarda da manhajar da take ɗora sabon aski gaba ɗaya. Irin waɗannan manhajoji sukan zana gashi sabo su rufe na mutum, su cike sanƙo, su miƙe layin goshi, wani lokaci ma su sauya irin gashin ya zama mai santsi, ba irin namu mai nannaɗewa ba. Kilifa kuwa ragewa kawai take yi. Duk gwajin da ya ƙara gashi a inda babu, ba za ka iya cika alkawarinsa ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ajiye hoton asali kusa da wanda manhajar ta fitar, ka duba kusurwar goshi biyu da tsayin gashin sama. Idan goshin ya sauko ko saman ya ƙara tudu, ka yar da wannan gwajin.

Abin da nake yi yanzu zane ne da hannuna, kuma bai fi minti 5 ba idan hannu ya saba. Ina amfani da ibisPaint X, amma duk manhajar da take da Layer, wato shafin zane da ake ɗorawa a kan hoto, za ta yi. Sai ka buɗe hoton gefe, ka ƙara Layer sabo a samansa don kada ka ɓata na asali. Fed ba komai ba ne illa fatar kai da take leƙowa ta cikin gashi, a ƙasa ta fito sosai, tana hawa tana ɓuya. To abin da za ka zana ke nan. Ka ɗauki launin fata da Eyedropper, ka zaɓi Airbrush mai fesa launi, ka shafa a ƙasan gefen kai da Opacity, wato ƙarfin launin, kusan 90, ka rage zuwa kamar 50 ka hau kaɗan, ka sake ragewa zuwa 20 ka haɗe da gashin sama. Ka yi Layer uku. A na farko haskakawar ta ƙare kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu a saman kunne, wannan lo-fed ke nan. A na biyu ta kai wajen tsakiyar gefen kai. A na uku ta hau har inda kai ya fara lanƙwasa zuwa sama. Sai ka riƙa kunna ɗaya kana kashe sauran, kwastoma yana kallon kansa na gaske cikin aski uku. Wanda ba shi da wannan manhaja ma, fensirin da ke cikin WhatsApp ya isa ya ja layuka uku a hoton, a ce ga inda kowanne zai tsaya.

A nan ma akwai ɗan tarko. Yawancin masu farawa daga kumatu ko goshi suke ɗaukar launin. Fatar kai da gashi da hula suka rufe takan fi fuska haske, don haka gwajin zai fito a haɗe lumui, amma bayan aski sai a ga bambanci tsakanin fuska da gefen kai. Ka ɗauki launin daga bayan kunne, ko ka buɗe gashin da mataji ka ga ainihin fatar.

Kuskure na uku shi ne barin ido shi kaɗai ya yi hukunci. Hoto a shafe yake, kai kuwa yana da tudu da kwari. Kafin ka zana komai, sa hannu ka shafa kan mutum. Nemo ƙashin ƙeya da yake ɗan fitowa a baya, ka ji ko akwai lotsawa a ƙarƙashinsa, ko tattara, ko tabo, ko ƙurajen aski, ko wurin da makero ya cinye gashi. Duk abin da ka samu, ka sa masa ɗigo a hoton baya ka nuna wa mai kan, domin mutane da yawa ba su taɓa ganin ƙeyarsu da kyau ba. Da na yi haka da angon nan, da na ga tabon suna sama da inda lo-fed zai tsaya, da na sauko da layin ta bayan kunne ya bi ƙarƙashin ƙashin ƙeya, in bar gashi tsawon matajin kilifa lamba 2 a kan tabon ya rufe su. Mai ƙurajen ƙeya kuwa kada ka ma gwada masa fed mai kaiwa fata, ko da ya fi kyau a hoto, don aski har fata ƙara tayar da su yake yi.

Na huɗu, a gama zaɓe a hoto sannan a ajiye waya a yi aski da ka. Gwajin da ba a mayar da shi lamba ba, kallo ne kawai. A matajin kilifar Wahl, lamba ½ tana barin gashi milimita 1.5, lamba 1 milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 milimita 10. Wasu kamfanonin lambobinsu sun ɗan bambanta, don haka ka duba abin da aka rubuta a jikin naka. Ka rubuta lambobin a kan hoton, kowacce a wurinta: fata daga nan zuwa nan, ½ a samanta, 1 har zuwa wannan layi, 2 ta haɗe da sama. Sannan ka tuna lamba ɗaya ba ta fitowa iri ɗaya a kan kowa. Lamba 1 a kan mai cikar gashi baƙa take fitowa, a kan mai gashi tsilli-tsilli kuwa kusan fata ake gani. Shi ya sa nake fara taɓa ɗan wuri a bayan kunne da lamba mafi girma, in kwatanta da hoton, kafin in ja layin farko. Kuma idan kwastoma yana kokwanto tsakanin biyu, da na ƙasa nake farawa. Lo-fed ana iya ɗaga shi nan take ya zama na tsakiya, amma wanda ya hau sai dai a jira, gashi kuma kamar santimita 1 yake yi a wata.

Ka gaya masa kuma cewa hoton askin ranar farko yake nunawa. Fed mai kaiwa fata cikin kwanaki kaɗan ƙasansa yake fara duhu, don haka wanda ba ya zuwa shago sai bayan sati uku gara ya san haka tun yana kan kujera.

Saura maganar hoton kansa. Ka nemi izini kafin ka ɗauka, musamman ga dattijo ko yaron da mahaifinsa ya kawo. Ni nakan ce, “Alhaji, in ɗauki gefen kan in nuna maka kafin mu fara?” In an gama sai in tura masa hoton mai lambobin, in goge nawa a gabansa, sai fa idan shi ya ce in ajiye. Ranar da ya dawo, ko da ba na nan, yarona yana buɗe hoton a wayar mutumin ya ga inda layi ya tsaya da lambar da aka sa a kowane wuri.