Kurakuran da ake yawan yi a salf-atenshan, mu lissafa da "Binta ta dawo"

Ƴan uwa masu koyon tiransifoma a nan Kaduna, musamman ɗaliban Kadpoli da KASU da muke haɗuwa, na lura kusan kowa ya haddace wannan:

```
softmax(Q @ K.T / sqrt(d_k)) @ V
```

amma ka ce mutum ya yi da biro da takarda sai ka ga an fara kame-kame. To mu ɗauki jimla mai kalma uku, "Binta ta dawo", mu bi kalmar "ta" kawai.

Kuskure na farko shi ne ɗauka cewa Q da K da V wasu kalmomi ne daban. A'a, kowace kalma tana da nata ukun, ana samo su ne ta hanyar ninka bektar kalmar da matiriks uku, W_Q da W_K da W_V, waɗanda modal ɗin ke koya lokacin tirenin. Kamar ka shiga Kasuwar Barci ne, abin da kake nema shi ne Q, abin da aka rataye a ƙofar shago shi ne K, kayan da aka zuba maka a leda kuma V. Lambobin nan ni na zaɓe su don lissafi ya zo da sauƙi:

```
q_ta    = [2,0,2,0]
k_Binta = [1,0,1,0]  v_Binta = [10,0]
k_ta    = [0,1,1,0]  v_ta    = [0,10]
k_dawo  = [0,1,0,1]  v_dawo  = [5,5]
```

Ninka q_ta da kowane k, lamba da lamba, ka tara. Da Binta ka samu 4, da ita kanta "ta" 2, da dawo 0. Eh, kalma tana duba kanta ma, wasu suna tsallake wannan.

Yanzu sai rabawa, inda da yawa ke mantuwa. Tsawon k ɗinmu 4 ne, saboda haka sqrt(d_k) ya zama 2, makin ya koma 2, 1, 0. Sai softmax: exp ɗinsu 7.39 da 2.72 da 1, jimla 11.11, ka raba kowanne da jimlar ka samu 0.665 da 0.245 da 0.090, wato nauyin kowace kalma. In ba ka raba da 2 ba abin da zai fito 0.867 da 0.117 da 0.016, ka ga Binta ta kusa cinye komai, kuma fa wannan da lamba huɗu ne kacal, a takardar da masu bincike na Google suka fitar a 2017 d_k 64 ne, ana rabawa da 8, in ba ka raba ba makin kan yi girma har softmax ya manne wa kalma ɗaya, giradiyan ya ƙanƙance, tirenin ya riƙa jan ƙafa. Kuma da sqrt(64) ake rabawa, ba sqrt(512) na faɗin modal ɗin gaba ɗaya ba.

Daga nan aikin K ya ƙare. Wasu sai su koma su ninka nauyin da K, alhali V ake ɗauka: 0.665 na [10,0], da 0.245 na [0,10], da 0.090 na [5,5], ka tara ka samu kusan [7.10, 2.90]. Wannan ita ce sabuwar "ta", mafi yawan abin da ke cikinta daga Binta ya zo, amma fa cakuɗe ne, sauran biyun ma sun sa nasu.

Wanda ya fi damuna shi ne na softmax a kan gefen da ba shi ba, don ba ya kawo era ko kaɗan. Tunda kowace kalma tana da q ɗinta, teburin makin 3 sau 3 ne, ko ta layi ka bi ko ta tsaye kod zai gudu lafiya lau. A PyTorch abin da kake so shi ne dim=-1, gwajin kuma ba wuya, s a nan shi ne teburin makin:

```
w = torch.softmax(s, dim=-1)
print(w.sum(dim=-1))
```

Kowane layi dole ya ba ka 1. In ka ga wani ya wuce wani bai kai ba, koma ka duba.

Sai batun mask a modal irin GPT, inda bai kamata "ta" ta hango "dawo" ba tunda tana gaba. Mutane sai su sa 0 a makin suna ganin sun rufe, to duba namu, makin dawo ai dama 0 ne kuma duk da haka ta samu 0.090, saboda exp(0) 1 ne. Abin da za ka sa shi ne -inf, kuma kafin softmax. Da haka nauyin zai koma 0.731 da 0.269 da 0, sakamakon ya zama [7.31, 2.69]. In ka ga los ya faɗi da sauri fiye da kima wajen tirenin amma modal na zuba shirme in ka ce ya rubuta, fara duba mask ɗin, sau da yawa satar amsa yake daga kalmar gaba.