Bashin da ba a rubuta ba: yadda ake kafa hujja a Saudiyya

'Yan uwa mazauna Jidda da Makka, dokar kafa hujja da ta fara aiki a 2022 ta ce mu'amalar da ta haura riyal 100,000 sai da rubutu, shaidu kaɗai ba sa wadatarwa sai a wasu keɓantattun halaye. Ƙasa da haka ana karɓar shaidu. Amma dokar ta ɗauki saƙon waya a matsayin rubutu, kuma nan ne mafita.

A ce ka ba wani rancen riyal 8,000 ta banki. Rasit yana nuna kuɗi sun tafi ne kawai, bai faɗi dalili ba, wanda ka ba rancen yana iya cewa kyauta ce ko jarin kasuwanci. Don haka kafin rigima ta tashi, tura masa saƙo ta WhatsApp cikin lalama: "Alhaji, 8,000 ɗin da na ranta maka a Shawwal, yaushe zan sa rai?" In ya amsa "ka ƙara min haƙuri zuwa ƙarshen wata", ya yi iƙirari ke nan. Saƙon da ya ce "ina kuɗina?" kawai ba shi da ƙarfi, tunda babu adadi, babu dalili.

In ya biya 2,000, karɓa ta banki ka rubuta masa "saura 6,000". Biyan wani ɓangare alama ce ta amincewa da bashin.

Kada ka goge hirar ko ka sayar da wayar, domin hoton allo ana iya musanta shi. Shaida kuwa, wanda ya gani ko ya ji da kunnensa ake so, ba wanda ka ba labari ba. Ƙara ana shigar da ita ta Najiz, shafin intanet na Ma'aikatar Shari'a ta Saudiyya.