Yadda Ake Mayar da Guntattakin Bayanan Taro Su Zama Rahoto Ba Tare da Ƙari Ba

Sakataren da ke rubutu ana tsakar taro ba ya samun sukunin gina jimla, sai dai ya riƙa cafko kalmomi. A ce kwamitin unguwa ne ya zauna kan rijiyar burtsatse, sakatare ya tashi da wannan a littafinsa:

1. famfo ya lalace, wata 2
2. ma'aji: asusu naira 85,000
3. gyara naira 120,000 (?)
4. wasu gidaje ba su biya kuɗin wata ba
5. Mai unguwa zai ga kansila
6. taro Asabar

Mataki na farko: sa wa kowane layi lamba, kamar yadda aka yi a sama. Sannan ka cike kowanne shi kaɗai ya zama jimla, kada ka haɗa shi da maƙwabcinsa tukuna. Layi na 2 zai koma: "Ma'aji ya ce akwai naira 85,000 a asusu." Ka lura an bar maganar a bakin ma'aji, domin shi ya faɗa, ba kai ka ƙirga kuɗin ba.

Mataki na biyu: ware abin da bai fito fili ba. Alamar tambayar da ke layi na 3 ita ma bayani ce, kada ta ɓace. Sannan layin bai nuna wa ya ambaci kuɗin ba, don haka sai ka yi amfani da "an": "An ambaci naira 120,000 a matsayin kuɗin gyara, amma ba a tabbatar ba." Idan kana son sunan mai maganar, buga wa shugaban taro waya ka tambaya. Kada ka cike gurbin da "ai na san wane ne zai faɗi haka."

Mataki na uku: haɗa jimlolin. A nan ne akasarin ɓarnar take shigowa, kuma ta ƙananan kalmomi. Dubi abin da hannu ke saurin rubutawa:

"Famfo ya yi wata biyu a lalace saboda wasu gidaje sun ƙi biyan kuɗin wata, don haka aka tura Mai unguwa wurin kansila ya nemo cikon naira 35,000."

Jimlar ta yi daɗin karatu, amma ƙari biyar ke cikinta. "Saboda" ta ɗora laifin daɗewar lalacewar a kan waɗanda ba su biya ba, alhali layi na 1 da na 4 ba su ce akwai alaƙa tsakaninsu ba. "Sun ƙi" ta mayar da rashin biya ya zama taurin kai, wataƙila kuwa mai karɓar kuɗin ne bai zagaya ba. "Don haka" ta ƙirƙiro dalilin zuwa wurin kansila. "Aka tura" ta nuna kwamiti ne ya aike shi (Mai unguwa kuwa ba zai so a rubuta cewa an aike shi ba). Ita kuma naira 35,000 lissafinka ne, wanda ka gina a kan adadin da ba a ma tabbatar da shi ba, kuma babu layin da ya ce kuɗi zai je nema.

Kalmomin da ke jera magana kawai, irin su "kuma", "haka nan" da "game da", ba su cika jawo rigima ba. Masu nuna dalili, sakamako ko saɓani, wato "saboda", "shi ya sa", "duk da haka", "amma", kada ka sa su sai bayanan sun ba ka izini. Ko "bayan haka" ma da'awa ce, tunda jerin layuka a littafi ba lallai ya zama jerin faruwar abubuwa ba. Idan mahaɗi ya gagara, sa aya ka fara sabuwar jimla.

Ga rahoton da ya tsaya a kan bayanan:

"Famfon rijiyar burtsatse ya yi wata biyu a lalace. Game da kuɗi, ma'aji ya ce akwai naira 85,000 a asusu, kuma an ambaci naira 120,000 a matsayin kuɗin gyara, amma ba a tabbatar ba. Haka nan an ce wasu gidaje ba su biya kuɗin wata ba. Mai unguwa zai ga kansila. Za a yi taro ranar Asabar."

"Amma" ɗin da ke ciki halal ce, alamar tambaya ce ta haife ta.

Mataki na huɗu: bi sawu. Karanta rahoton gaɓa-gaɓa, kana rubuta lambar layi a saman kowace gaɓa da fensir. Duk kalmar da ta rasa lamba, musamman irin su "da yawa", "nan ba da jimawa ba" ko "cikin ɓacin rai", goge ta. Sai ka juya, ka duba ko lambobi shidan duk sun bayyana, domin zubar da layi shi ma canza magana ne. Asabar ɗin kuma, idan littafi bai ce ta wane mako ba ce, tambayi shugaba kafin ka rubuta "mai zuwa".