Babi na Shida: Koya wa Sabon Mai Haɗa Kafe Aiki da Sikeli, Agogo da Littafi

A wuraren shan kafe da otal-otal na Maradi inda ake da injin esfireso, wato injin da ke tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garin kafe, ɗaya daga cikin abubuwan da ke sa mai saye ya daina zuwa shi ne ya sha kafe mai daɗi yau, gobe kuma a kawo masa mai tsami ko mai ɗaci, alhali kafen ɗaya ne, injin ma ɗaya ne. Wannan babi zai nuna wa maigida ko babban ma'aikaci yadda zai koya wa sabon yaro ya riƙa fitar da kofi iri ɗaya kullum, ta hanyar auna abubuwa uku da rubuta su: nauyin garin da ya shiga, nauyin kafen da ya fito, da yawan sakan ɗin da ruwa ya yi yana ratsa garin.

Ma'aunin da za a riƙe

Kafin a fara koyarwa, dole ne wurin ya tsayar da ma'auni guda ɗaya, a rubuta shi da manyan baƙaƙe a manna kusa da inji. Ma'aunin da masu wannan sana'a suka fi farawa da shi ga kofi mai ninki biyu, wato mai ɗaukar garin ƙananan kofi biyu, shi ne gari giram 18, kafen da zai fito giram 36, cikin sakan 25 zuwa 30. Wato abin da ya fito ya ninka abin da ya shiga sau biyu. Wannan mafari ne kawai, domin kafen da aka soya ya yi baƙi ƙirin yakan fi daɗi idan an rage abin da ya fito, kuma akwai ƙaramin kwandon ƙarfe da ba ya ɗaukar fiye da giram 14, saboda haka sai a duba girman kwandon da ke cikin mariƙin injin, wato abin hannun da ake zuba gari a ciki a ɗaura wa inji, kafin a yanke shawara. Amma da zarar an yanke, mai koyo ba shi da ikon canza waɗannan nauyi biyu. Abin da aka bar masa ya taɓa guda ɗaya ne, shi ne laushin niƙa.

Sabon yaro yakan tambayi abin da ya hana a auna da cokali, tun da haka mai shayi yake yi da kafen gwangwani. Amsar tana kasuwa: tiyar gero da mutum biyu suka cika ba ta zama ɗaya a kan sikeli, domin wani yana tozo, wani yana shafewa. Haka cokalin gari yake, kuma a esfireso bambancin giram ɗaya ya isa ya sauya lokacin zuba da ɗanɗano. Akwai kuma maganar kuɗi. Kilo ɗaya na kafe yana ba da kofi 55 idan ana zuba giram 18, amma idan hannu ya saba da giram 20 sai ya koma kofi 50, kuma kafe ba a noma shi a Nijar, daga waje ake kawo shi da tsada. Shi ma kafen da ya fito ba a auna shi da ido a jikin kofi, saboda kumfar da ke samansa tana yaudara: kafen da aka soya kwanan nan yana yin kumfa mai yawa, sai kofi ya cika alhali ruwan da ke ciki kaɗan ne.

Yadda ake aunawa

Sikelin da ake bukata ƙarami ne mai batir, wanda ke nuna kashi ɗaya cikin goma na giram, wato a fuskarsa ana ganin lamba kamar 18.0. Sikelin kicin da ke tsallake giram guda-guda bai wadatar ba. Mai koyo zai goge kwandon ya bushe, ya ɗora mariƙin a kan sikeli, ya danna maɓallin da aka rubuta TARE a jikinsa har lamba ta koma 0.0, sannan ya niƙa gari a ciki ya sake ɗorawa. Idan ya ga 18.6 sai ya ɗebe kaɗan da ƙaramin cokali, idan ya ga 17.5 sai ya ƙara. Tsakanin 17.8 da 18.2 ba laifi. Bayan haka zai baje garin ya daidaita ko'ina, ya danne shi da madanni a miƙe, ba tare da karkata ba.

Sai ya ɗaura mariƙin a inji, ya ɗora kofi a kan sikeli a ƙarƙashinsa, ya sake danna TARE, sannan ya kunna inji da agogo a lokaci guda. A nan ake samun saɓani tsakanin ma'aikata, domin wani yana fara ƙidaya daga lokacin da ya danna maɓalli, wani kuma daga ɗigon farko, kuma tsakaninsu akwai sakan da dama. Ni ina ganin ƙidaya daga danna maɓalli ta fi sauƙi ga mai koyo, amma abin da ya zama wajibi shi ne kowa a wurin ya bi hanya ɗaya, in ba haka ba littafin ya zama banza. Idan sikelin ba shi da agogo a jikinsa, agogon wayar hannu ya isa. Mai koyo zai kashe inji idan lamba ta kai kamar 33 ko 34, domin kafe yana ci gaba da ɗiga bayan an kashe, ya cika 36 da kansa.

Misalin safiya ɗaya

A ja layi shida a littafin makaranta, a ɗaure biro a jikinsa. Ga yadda shafin mai koyo zai iya kasancewa da safe, bayan inji ya yi kusan rabin awa a kunne ya ɗau zafi sosai:

| Ƙarfe | Lambar niƙa | Gari | Abin da ya fito | Sakan | Ɗanɗano |
|---|---|---|---|---|---|
| 7:10 | 6 | 18.0 | 36.4 | 19 | tsami, ba kauri |
| 7:15 | 5 | 18.0 | 36.1 | 24 | tsami kaɗan |
| 7:20 | 4.5 | 18.1 | 35.8 | 28 | daidai |

A layin farko nauyi biyun sun yi daidai, amma ruwa ya wuce cikin sakan 19. Dalili shi ne garin ya yi ɓarza, ruwa ya sami hanya a buɗe, bai daɗe ba balle ya jawo zaƙi da kaurin da ke cikin kafen, sai ya fito da tsami kawai, wanda shi ne yake saurin narkewa. Maganinsa a ƙara laushi. A yawancin injinan niƙa ƙaramar lamba ita ce laushi, amma a duba alamar da ke jikin naku. Da lokacin ya haura sakan 35, kafen yana ɗiga da ƙyar, ya fito da ɗaci da bauri mai busar da harshe, to da sai a juya ta wancan ɓangaren.

Tsakanin layi na farko da na biyu akwai aikin da ba a gani a littafi, kuma shi ne sabon yaro ya fi mantawa. Bayan an juya lambar niƙa, tsohon gari yana nan maƙale a cikin injin niƙa, saboda haka sai a niƙa 'yan giram a zubar kafin a auna na gaba. Wanda bai zubar ba zai ga kamar juyin bai yi aiki ba, ya ƙara juyawa, sai kofi na uku ya toshe gaba ɗaya. Maigida ya tsaya a kansa a nan, ya ce masa: “Yaro, abu ɗaya ake canzawa, a gwada, a rubuta, sannan a sake taɓa wani.” Kuma a sa shi ya ɗanɗana kowane kofi, har wanda ya lalace, bayan ya juya shi da cokali, domin harshensa ya haɗa sakan 19 da tsami tun kafin ya fara hidimar mutane.

Abin da littafi ke tonawa

Amfanin littafin yana bayyana ne bayan kwanaki, domin yana raba laifin kafe da laifin hannu. Idan sakan suna raguwa a hankali, jiya 28, yau 26, gobe 24, kuma ga kowane ma'aikaci haka abin yake, to kafen ne yake tsufa. Kafen da aka buɗe yana rasa iskar da ke cikinsa, ruwa yana ratsa shi da sauri, kuma zafin bazara na Maradi, da yakan haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, yana gaggauta wannan. A ƙara laushi kaɗan, a rufe jaka sosai a ajiye ta a inuwa, kuma kada a cika mazubin injin niƙa da abin da ya wuce na yini. Da damina, idan iska ta yi danshi, lokaci yakan ƙaru ba tare da an taɓa komai ba. Da hunturu kuwa gari yakan bushe ya riƙa mannewa a bakin injin niƙa yana watsewa, sai nauyin da ke faɗawa kwando ya riƙa hawa da sauka, wanda sikeli kaɗai ke kamawa. Saboda haka yana da kyau a rubuta ranar buɗe kowace jaka a saman shafi.

Idan kuwa kofi biyu a jere, da lambar niƙa ɗaya da nauyi ɗaya, suka ba da sakan 27 da 20, to kada a taɓa injin niƙa, matsalar tana hannu. Garin bai baje daidai ba, ko an danne shi a karkace, ko an buga mariƙin a jikin inji bayan dannewa har garin ya tsage. Ruwan da inji ke turawa da ƙarfi yana neman wuri mai rauni ya bi, ya bar sauran garin bai jiƙa shi sosai ba, sai kofi ya haɗa tsami da ɗaci a lokaci guda. Ana gane wannan idan kafen ya yi saurin komawa fari-fari yana zuba kamar ruwa, ko ɗaya daga cikin bakuna biyu na mariƙi ya riga ɗayan zuba, wani lokaci kuma a ga ƙaramin rami a dunƙulen garin bayan an cire. Littafin zai nuna ko a hannun wa abin yake faruwa, shi ya sa kowa zai sa harafin farko na sunansa a gefen layinsa. Sai dai maigidan da ya mai da littafin abin kama laifi da yanke albashi zai tarar an fara rubuta 28 a kowane layi ko agogo bai ce haka ba.

Akwai layin da bai kamata a yi hukunci da shi ba. Idan an ɗauke wuta aka dawo da ita, inji ya huce, kofin farko zai yi tsami ko da lambobinsa sun yi kyau. A rubuta “an ɗauke wuta” a gefe, a jira inji ya ɗau zafi, a bar lambar niƙa yadda take.

Aikin gwaji

Mai koyo ya haɗa kofi biyar a jere ba tare da ya taɓa lambar niƙa ba, yana aunawa yana rubutawa. Idan garinsa bai kauce wa 17.8 zuwa 18.2 ba, abin da ya fito yana tsakanin giram 35 da 37, kuma tazarar da ke tsakanin kofin da ya fi sauri da wanda ya fi daɗewa ba ta wuce sakan 3 ba, ana iya barinsa ya haɗa wa masu saye, amma zai ci gaba da rubuta kofin farko na safe, da na bayan azahar, da na farkon kowace sabuwar jaka. Idan tazarar ta wuce haka, sai a koma da shi kan baje gari da dannewa, a maimaita gwajin washegari.