Yadda ake nuna wa ɗalibai taimus da naman mayanka

Ɗaliban kiwon lafiya a Gombe kan haddace cewa taimus, naman da ke horar da ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira ƙwayoyin T, yana bayan ƙashin ƙirji, a gaban zuciya, amma kaɗan ne suka taɓa ganinsa. Ko gawar babban mutum aka buɗe, sau da yawa kitse za a tarar a gurbinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce a kwatanta na ƙaramar dabba da na tsohuwa.

Da farko a je mayanka da sassafe, a roƙi mahauci ya ware maƙogwaro haɗe da huhu da zuciya, kada ya share kitsen da ke jiki. Ana son na dabba biyu: ɗan akuya ko ɗan tunkiya da bai kai wata 6 ba, da tsohuwa mai manyan haƙoran gaba 8, wato ta kai kimanin shekara 4. A zaɓi ƙaramin mai ƙiba, domin yunwa da ciwo kan sa taimus ya motse cikin kwanaki, haka ma a jikin yaron da tamowa ta kama. A sa naman cikin ƙanƙara, don taimus na saurin narkewa a zafi.

Sai a sa safar hannu a bi maƙogwaro daga sama zuwa ƙasa. A ƙaramar dabbar za a ga nama mai laushi, fari-fari da ɗan ja, mai gutsi-gutsi, kwance a gefen maƙogwaro har cikin ƙirji. A mutum bai cika hawa wuya haka ba, ɓangare biyu ne a ƙirji. A nan ake yawan kuskure. Naman nan ja wur da ke manne a saman maƙogwaro tayirod ne. Kaluluwa kuma ƙanana ce, mai tauri, a ware. In ana shakkar kitse ne, a yanki ɗan guntu a jefa a ruwa: kitse zai taso, taimus zai nutse.

Daga nan a yanka da reza, kaurin da bai wuce milimita 5 ba, a tsoma a fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, yawansa ya ninka naman sau goma, ya kwana ɗaya kafin a kai ɗakin gwaji a rina. In yankan ya yi kauri, tsakiyarsa za ta ruɓe kafin maganin ya ratsa.

A ƙarƙashin madubin likita kowane gutsi kala biyu ne, kuma a nan ya kamata malami ya daɗe. Gefen da ya yi shuɗi sosai shi ne kotes, cike maƙil da ƙwayoyin T 'yan koyo da suka taso daga ɓargo ta cikin jini. A nan ake musu jarrabawar farko: ko za su iya gane tambarin MHC da ƙwayoyin jiki ke ɗauke da shi? Wadda ta kasa, ta mutu. Masu tsira su zama ƙwayoyin T nau'in CD4 ko CD8, su wuce tsakiyar da ta fi haske, wato medula, inda ake ganin wasu dunƙule masu zobe-zobe da ake kira ƙulluttan Hassall. Jarrabawa ta biyu akasin ta farko ce. Ƙwayar gado mai suna AIRE na sa a baje musu samfurin sunadaran sassan jiki, har da insulin. Wadda ta cafke su da ƙarfi ana kashe ta, ko a mayar da ita mai tsawatar wa 'yan'uwanta, don in ta fita a haka, jikin kansa za ta yaƙa. Fiye da kashi 95 cikin 100 ba sa fita da rai.

Yanzu a ɗauko na tsohuwar. Na wuya ya kusa ɓacewa, na ƙirji kuma 'yan tsibirai ne a cikin kitse, iyakar kotes da medula ta dushe. A mutum ma haka ne. Nauyinsa kan kai giram 30 zuwa 40 wajen balaga, amma ainihin naman da ke aiki ya fara raguwa tun shekarar farko. Ƙwayoyin da ke horar da 'yan koyon ne ke ƙarewa, kitse na maye gurbinsu, sinadaran balaga kuma na ƙara wa abin gudu. Shi ya sa dandaƙaƙƙen rago kan riƙe taimus mai girma fiye da sa'ansa da ba a dandaƙe ba. In an samu, a haɗa da shi a matsayin na uku.

Ɗalibi zai tambaya: to Malam, me ke kare tsoho? Ƙwayoyin T da aka horar tun yarinta na daɗewa, suna kuma rabuwa su ƙaru a jini da kaluluwa. Abin da ke ƙaranci shi ne sababbi masu gane cutar da jiki bai taɓa haɗuwa da ita ba, kuma wannan na cikin dalilan da rigakafi bai cika kama tsofaffi kamar matasa ba. Jaririn da aka haifa babu taimus kwata-kwata, kamar a nau'in cutar DiGeorge mafi tsanani, ba shi da wannan ajiyar, don haka ba a yi masa rigakafi mai rai irin BCG.