Tirela daga Legas zuwa Accra: kurakuran takardu da ke kwantar da mota a boda

Tsakanin Legas da Accra bai kai kilomita 500 ba, amma boda uku ce a hanya: Seme tsakaninmu da Benin, Hilla-Condji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao ta shiga Gana. Kowace boda kuma hukumomin ƙasa biyu ne za su duba ka. Na yi shekaru ina ɗora wa 'yan kasuwarmu na Agege da Alaba Rago kaya a wannan hanya, kuma abin da na gani shi ne yawancin kwanakin da mota ke yi a boda tun daga wajen lodi aka jawo su. Kwastan takarda yake karantawa, sannan ya leƙa mota. In suka saɓa, an kwana.

Bari in fara da nawa kuskuren. Wata shekara na ɗora wa wani Alhaji bokitan roba ɗauri 600 daga wani kamfani, za a kai Accra. Takardu sun kammala, rasit da takardar lissafin kaya duk 600 suka ce. Daren da za a tashi sai ya kira ni: "Akwai ɗan wuri a bayan mota, a sa min kujerun roba ɗauri 40, ai kamfani ɗaya ne." Na ce, "Alhaji, ba sa cikin takarda." Ya ce, "Haba, wa zai ƙirga?" Kunya ta hana ni musu da shi. A Seme aka ƙirga. Aka sauke kayan gaba ɗaya a ƙasa, muka biya 'yan dako kuɗin saukewa da na mayarwa, muka biya tara, direba yana cin kuɗin kwana. Sai a rana ta shida motar ta motsa, ribar kujerun kuwa tun rana ta biyu ta ƙare.

Matsala biyu ce ta haɗu a nan. Ta farko a fili take: adadi, nauyi da sunan kaya dole su zo ɗaya a rasit, da takardar lissafin kaya, da fom ɗin NXP da ake buɗewa ta banki kafin a fitar da kayan kasuwanci daga Najeriya, da abin da ejan da ke yi maka aikin takardu a boda ya shigar wa kwastan. Maganinta, ka tsaya da kanka a wajen lodi da takarda a hannu, ana ɗorawa kana ƙirgawa. In an rufe tamfol, ko buhu ɗaya kar a ƙara, har da ɗan kayan da direba kan ɗauka a hanya don kuɗin cefane.

Ta biyun ita ce mutane da yawa ba su gane ba. Tsarin ETLS na ECOWAS yana yafe kuɗin fito ga kayan da aka ƙera a cikin ƙasashen ƙungiyar, amma ba kamfani kawai ake yi wa rajista ba, kowane irin kaya da nasa amincewar. Kamfanin nan an amince masa da bokiti, ba a amince masa da kujera ba. Ko da mun rubuta kujerun a takarda, da sai an biya musu cikakken kuɗin fito a Gana. Saboda haka kafin ka biya kuɗin kaya, ka nemi kamfanin ya nuna maka takardar amincewar, ka ga sunan abin da kake saya a ciki da idonka, sannan a fitar maka da takardar shaidar asalin kaya ta wannan lodin. Kayan da aka shigo da su daga Sin aka sauke a Apapa ba sa zama 'yan Najeriya don sun kwana a sito a Legas. Kuma ETLS kuɗin fito kaɗai yake ɗaukewa, harajin VAT na ƙasar da za a sayar yana nan. Kayan gona da dabbobi suna da sauƙi ta wannan fuska, sai dai su ma ana neman takardar lafiyarsu daga NAQS, hukumar Najeriya mai duba lafiyar kayan gona da dabbobi.

Sai maganar wucewa. Kayan da za su Gana baƙi ne a Benin da Togo, ratsawa kawai za su yi. Tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1982, wadda ƙasashen Faransanci ke kira TRIE, tsarin shi ne ba za ka biya kuɗin fito a ƙasar da ka ratsa ba, amma za a tsaya maka da jingina, a ɗaure motar da hatimin kwastan, a rubuta hanyar da za ka bi da wa'adin fita. In ka isa bodar fita, a duba hatimi, a rufe takardar. Fargabar kwastan ita ce ka ce wucewa kake yi, ka je ka juye kayan a Kwatano. Duk abin da ya yi kama da haka, a wurinsu fasa-ƙwauri ne sai ka wanke kanka.

A nan direbobi ke faɗawa rami da kyakkyawar niyya. Mota ta lalace, direba ya ga wa'adi na tafiya, sai ya kira wata motar, ya tsinke hatimi, a juye kaya. Lambar motar farko ce a takarda, ga kuma hatimi a tsinke. Abin da ya kamata shi ne a bar komai yadda yake, a sanar da ofishin kwastan mafi kusa, su zo a juye a gabansu, su sa sabon hatimi, su rubuta a takarda. Haka nan kar direba ya bar bodar fita bai ga an rufe takardar ba. In ba a rufe ba, a wurinsu kayan suna cikin ƙasar har yanzu, bayan watanni sai bashin ya biyo wanda ya tsaya jingina, shi kuma ya biyo ka. Ni kan sa direba ya ɗauki hoton takardar da tambarin a kai, ya turo min kafin ya tayar da mota.

Takardun motar kanta ba su da wuyar sha'ani, mantuwa ce ke hana su. Inshorar Najeriya ba ta tsallaka boda, sai da katin inshora na ECOWAS mai ruwan ƙasa. A duba ranar ƙarewarsa ta wuce ranar dawowa, ba ta tafiya kaɗai ba. Direba da yaron mota kowa da fasfo da katin rigakafin shawara. Na taɓa ganin tirela mai cikakkun takardu ta kwana saboda yaron mota ba shi da kati. Lodin da ya wuce ƙa'ida kuma, irin wanda muka saba yi zuwa Kano, sikeli na jiransa a Togo da Gana.

Game da rana, ban yarda mota ta bar Legas da yammacin Juma'a ba. Ko an ce boda a buɗe take, banki da wasu masu sa hannu ba lallai ka same su a ƙarshen mako ba. Nakan tura wa ejan na Seme kofen takardu kwana biyu kafin lodi, ya shigar da bayanai, ya gaya min abin da ya rage tun motar tana Agege, inda gyara bai fi a koma kamfani a sake buga rasit ba. Da ya ce komai ya yi, sai mu tashi da asubar Litinin ko Talata, mu bi ta Badagiri kafin cunkoso ya taso.